Ba a karanta "Kullu nafsin" a jana'izar mahaifiyata ba

Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta rasu makonni uku da suka wuce, kuma ni ne babba, don haka komai na jana'izar a kaina ya faɗo. Bayan mun dawo daga maƙabarta Baffana ya ja ni gefe ya ce an tauye ta, domin babu wanda ya karanta "Kullu nafsin za'iƙatul maut", ko a sallar ko a bakin kabari. Kuma a sanarwar rasuwa na rubuta cewa ayar tana Ali Imrana, sai wani abokina ya ce na yi kuskure, a Ankabut take. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Ina ayar take? Shin na rage wa mahaifiyata wani haƙƙi? Me zan ce da Baffa?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata mata kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashi.

Ka kwantar da hankalinka, babu haƙƙin da ka rage mata. Idan an yi mata wanka, an sa ta a likkafani, an yi mata salla da kabbara huɗu, an binne ta fuskarta na kallon alƙibla, to an sauke abin da Musulunci ya ɗora wa masu rai game da gawa. Wannan aya ba ta cikin sharuɗɗan ko ɗaya daga waɗannan, kuma ba ta cikin sunnoninsu. Zan dawo kan wannan, amma bari mu buɗe Alƙur'ani tukuna, domin a nan ne za ka ga dalilin da ya sa nake faɗa maka haka ba tare da shakka ba.

Kai da abokinka duk kun faɗi daidai. Jimlar ta zo sau 3 a Alƙur'ani da kalmomi iri ɗaya: a Ali Imrana aya ta 185, a Anbiya'i aya ta 35, da Ankabut aya ta 57. Ta farko tana juzu'i na 4, ta biyu a juzu'i na 17, ta uku a farkon juzu'i na 21. Abin da ke raba su shi ne abin da ya biyo bayan jimlar, kuma da shi ake gane wadda mai karatu yake nufi. In ka ji ya ci gaba da "wa innama tuwaffauna ujurakum", Ali Imrana ce. In ya ce "wa nablukum bish-sharri wal khairi", Anbiya'i ce. In kuwa ya ce "summa ilaina turja'un" ya tsaya, Ankabut ce, kuma ita ce mafi gajarta. Wanda ya rubuta kalmomin farko kaɗai, kamar yadda ake yi a sanarwar rasuwa, ko wace sura ya ambata cikin ukun bai yi kuskure ba.

Ta Ali Imrana ita ce aka fi ji a wajen rasuwa, kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Ma'anarta ita ce: kowace rai mai ɗanɗanar mutuwa ce, kuma a ranar ƙiyama ne kawai za a cika muku ladanku, wanda aka nisantar da shi daga wuta aka shigar da shi aljanna ya tsira, rayuwar duniya kuwa ba komai ba ce face jin daɗin ruɗi. Surar a Madina ta sauka, kuma dogon yanki nata, tun daga aya ta 121, yana magana ne kan yaƙin Uhudu na shekara ta 3 bayan hijira, inda aka kashe Musulmi kusan 70, har da Hamza baffan Manzon Allah (SAW). Wato mutanen da suka fara jin wannan yanki na surar mutane ne da suka binne nasu da hannunsu, raunin bai warke ba. Ayoyi kaɗan kafin ita, a ta 169, an gaya musu kada su ɗauki waɗanda aka kashe a tafarkin Allah matattu. Ayar da ke gabanta kai tsaye, ta 184, tana lallashin Annabi (SAW) cewa in sun ƙaryata shi, an ƙaryata manzanni kafinsa. Wadda ke binta kuma, ta 186, tana sanar da muminai cewa za a jarrabe su cikin dukiyoyinsu da rayukansu, za su ji cutarwa mai yawa. Ka ga an saka ta ne tsakanin lallashi da gargaɗi, kuma duk da masu rai ake.

Akwai kalmomi a cikinta da nake so ka riƙe. "Tuwaffauna" tana nufin a biya mutum cikakke, ba ragi. Malaman tafsiri sun fahimci cewa tunda cikon biya sai ranar ƙiyama, to wani ɓangare na sakamako yana iya riskar mutum kafin nan, a duniya ko a kabari. "Zuhziha" kuma kalma ce ta gusar da abu da janye shi daga wuri, kamar wanda yake dab da faɗawa rami aka fizge shi. Sai "mata'ul gurur", wanda wasu malamai suka kwatanta da hajar da mai sayarwa ya ƙawata ya ɓoye aibinta, sai mai saye ya kai gida ya gane an cuce shi. Mahaifiyarka ta riga ta bar kasuwar. Wanda har yanzu ake yi wa tallar wannan haja shi ne ni da kai da Baffa.

Ta Anbiya'i a Makka ta sauka, kuma ba a gane ta sosai sai an haɗa da aya ta 34 da ke gabanta. A can Allah Yake ce wa Annabinsa ba Mu sanya dawwama ga wani mutum kafinka ba, shin in ka mutu su ne za su dawwama? Amsa ce ga masu zaman jiran mutuwarsa don su huta da kiransa. Daga nan aka ce kowace rai za ta ɗanɗani mutuwa, kuma Muna jarraba ku da sharri da alheri don gwaji, kuma gare Mu za a mayar da ku. Ga mai makoki wannan ce nake ganin ta fi kusa da halin da yake ciki, domin ta kira rashin da sunansa, jarrabawa, kuma ta tuna masa cewa shekarun da ya yi tare da mamacin cikin alheri su ma jarrabawa ne.

Ta Ankabut kuwa mutane da yawa suna mamaki in suka ga mahallinta. Aya ta 56 tana cewa: ya bayiNa da suka yi imani, lallai ƙasaTa mai faɗi ce, sai ku bauta Mini. Maganar hijira ake yi da muminan da aka takura. Mai shirin barin garinsu abu biyu ke tsorata shi, mutuwa a hanya da yunwa a baƙon wuri. Aya ta 57 ta amsa na farko: ko ka zauna ko ka tafi mutuwa tana nan. Aya ta 60 ta amsa na biyu: dabbobi nawa ne ba sa ɗauke da guzurinsu, Allah ke ciyar da su tare da ku. A nan ayar ƙarfafa zuciya take yi don mutum ya tashi ya yi abin da ya wajaba a kansa.

A wurare ukun nan babu inda aka bar jimlar ita kaɗai, kuma babu inda aka fuskantar da ita ga gawa. Kullum akwai "ku" a bayanta: za a cika muku, Muna jarraba ku, za a mayar da ku. Wannan shi ne asalin amsarka. Aya ce ta wa'azi ga wanda ke tsaye a bakin kabari. Wanda ke kwance a cikinsa ya riga ya ɗanɗana, abin da yake buƙata daga gare mu addu'a ce.

Yanzu mu bi jana'izar mahaifiyarka daki-daki mu ga me aka koyar a faɗa a kowane wuri, don ka auna da kanka.

Lokacin da labari ya riske ka, abin faɗa shi ne "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", wanda ke Baƙara aya ta 156. Ummu Salama ta ruwaito ƙarin da Annabi (SAW) ya koyar, "Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha", wato ya Allah Ka ba ni lada cikin musibata Ka musanya mini da mafi alheri. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim.

A sallar kanta, kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. Malikawa ba sa karanta ko Fatiha a cikinta, addu'a ce ga mamaci bayan kowace kabbara, sai sallama. Shafi'awa da Hambalawa suna karanta Fatiha bayan kabbarar farko, salatin Annabi bayan ta biyu, addu'a ga mamaci bayan ta uku, kuma hujjarsu ita ce Ibn Abbas ya karanta Fatiha a sallar gawa ya ce don ku san sunna ce, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Hanafawa suna buɗewa da yabon Allah, sai salati, sai addu'a. Saɓanin kenan, kuma mafi girmansa a kan Fatiha yake. Babu mazhabar da ta sa "Kullu nafsin" a cikin sallar. Da limamin ya karanta ta a ciki da niyyar cewa ɓangare ce ta sallar, da shi ne za a yi wa gyara.

Wajen sa ta a kabari, abin da aka ruwaito shi ne "Bismillahi wa ala millati Rasulillah", a wata ruwayar "wa ala sunnati Rasulillah". Sai masu halarta su zuba ƙasa da hannu sau uku. A nan wasu sukan karanta ayar Ɗaha ta 55, "Minha khalaƙnakum", suna raba ta kashi uku, ko da yake malaman hadisi sun raunana ruwayar da aka dogara da ita. Na ambace ta ne domin mutane kan gauraya ta da ayarka, kamar yadda suke gauraya ta da "Kullu man alaiha fan" ta suratur Rahman aya ta 26. Yana yiwuwa ma Baffa ɗaya daga cikin waɗannan ya saba ji.

Bayan an gama binnewa ne ake samun abin da na fi jin takaicin ganin ana sakaci da shi. Usman ɗan Affan ya ruwaito cewa Annabi (SAW) idan ya gama binne mamaci yakan tsaya a kansa ya ce ku nema wa ɗan'uwanku gafara, ku roƙa masa tabbata, domin yanzu ake tambayarsa. Abu Dawud ne ya fitar da shi. Wannan shi ne haƙƙin mamaci a wannan lokacin, kuma sau da yawa za ka ga jama'a sun juya suna gaggawar tafiya ƙasa ba ta gama daidaita ba. Idan kun tsaya kun roƙa mata gafara da tabbata, ko na ɗan lokaci ne, kun ba ta abin da ya fi amfanar ta a sa'ar. Idan ruɗewa ta hana ka, ƙofar addu'a ba ta rufe ba, ɗa yana roƙa wa mahaifiyarsa a ko'ina yake, kuma addu'ar ɗa na gari tana cikin abubuwa uku da hadisin Muslim ya ce ba sa yankewa bayan mutuwa.

To ina ayar ke shigowa, tunda kowa ya san ana jin ta a jana'iza? Tana shigowa ta ƙofar tunatarwa. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya yi wa sahabbai wa'azi a maƙabarta. Aliyu ya ba da labarin wata jana'iza a Baƙi'a, maƙabartar Madina, inda Annabi (SAW) ya zauna suka kewaye shi, yana tona ƙasa da sanda yana yi musu magana kan ƙaddara da aiki. Bara'u ɗan Azib kuma ya ba da labarin wata jana'izar da suka isa ba a gama haƙa kabarin ba, suka zauna shiru kamar tsuntsaye na kan kawunansu, ya bayyana musu yadda ake karɓar ran mumini da na kafiri. Saboda haka malamin da ya ga jama'a na jira ya tunatar da su da wannan aya ya yi abu mai kyau, ya kuma zaɓi aya da ta dace. Haka wanda ya buɗe sanarwar rasuwa da ita, ko ya kawo ta a huɗuba. A wasu ƙasashen Musulmi ana rubuta ta a ƙofar maƙabarta. A Istanbul ma'anarta na rubuce da Turkanci a saman ƙofar maƙabartar Zincirlikuyu, inda masu wucewa a titi ke karantawa. Ka lura, ga masu wucewa aka rubuta. Duk wannan al'ada ce mai kyau ta tunatarwa, wanda ya yi ya kyauta, wanda ya bari bai yi laifi ba. Inda matsala take farawa shi ne a mayar da ita ƙa'ida har a ce jana'izar da ba a karanta ta ba ta tawaya, domin wannan ƙara wa ibada sharaɗi ne da ba a zo da shi ba.

Za ka iya jin wani ya kawo labarin cewa da Annabi (SAW) ya rasu, iyalan gidansa sun ji muryar wani da ba su gani ba yana yi musu ta'aziyya da wannan aya, aka ce Khidir ne. Labarin yana cikin wasu littattafan tafsiri, amma malaman hadisi sun raunana shi, ba a gina hukunci a kansa. Abin da ya tabbata a ranar shi ne Abubakar ya tsaya gaban mutanen da suka ruɗe ya karanta musu Ali Imrana aya ta 144, cewa Muhammadu ba kowa ba ne face manzo, manzanni sun shuɗe kafinsa. Shi ma da masu rai ya yi, don ya dawo da su hayyacinsu.

Batun karanta Alƙur'ani a bakin kabari gaba ɗaya kuwa mas'ala ce ta saɓani tun da daɗewa. An ruwaito ƙin hakan daga Imamu Malik, Shafi'awa suna ganin mustahabbi ne a karanta wani abu bayan binnewa, kuma malamai na baya a mazhabobi sun yi ta magana a kai. Amma ko waɗanda suka so karatun ba su ce wajibi ba ne, ba su kuma keɓe wannan aya ba. Don haka ta ko wace fuska ka duba, ba a bin ka bashi.

Akwai wani abu da nake so in faɗa ko da ba ka tambaya ba, tunda yanzu ka san ɗacin rashi kuma gobe kai ne za ka je yi wa wani ta'aziyya. Na sha ganin an jefa wa mai kuka rabin ayar nan kamar ana rufe masa baki: ai kowa zai mutu, kukan me kake yi. Wannan yana ƙona mini rai. Alƙur'ani bai yanke ta a nan ba, kuma wanda aka saukar masa da ita ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Da 'yarsa ta aiko masa cewa ɗanta na gargara, saƙon da ya mayar mata shi ne: na Allah ne abin da Ya karɓa, naSa ne abin da Ya bayar, komai a wurinSa yana da ajali ambatacce, ta yi haƙuri ta nemi lada. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kuma shi ne mafi ingancin abin da za ka faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa. In za ka karanta masa "Kullu nafsin", ka kai ta ƙarshe, ya ji maganar cikon lada da tsira.

Game da Baffa, kada ka je masa da niyyar kayar da shi. Dattijon da ya ja ka gefe bai kunyata ka a gaban mutane ba, kuma damuwarsa kada a tauye mamaciyar ce, wanda abu ne da ya kamata ka gode masa a kai. Shi ma makoki yake, kuma mutum in ya saba jin wani abu a kowace jana'iza shekara da shekaru, ranar da bai ji ba sai ya ga kamar an bar ƙofa a buɗe. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: Baffa, maganar da ka yi mini ta tsaya mini a rai, shi ya sa na je na tambaya. An ce mini sallar ta cika, ayar kuma tunatarwa ce gare mu da muka rage, amma abin da Mama take buƙata a wurinmu yanzu shi ne istigfari. Sai ka roƙe shi ya yi mata addu'a kana zaune kana cewa amin. In yana so, ku buɗe Alƙur'ani ku karanta ayar Ali Imrana tare har ƙarshenta. In bai gamsu ba kada ka ja, ka ce ku je wurin limamin da ya yi sallar ya ji daga bakinsa, domin dattijo ya fi karɓar irin wannan daga malami a kan ɗan da ya girma a gabansa.

Sanarwar da ka rubuta ka bar ta yadda take. Abokinka kuma ka nuna masa wurare ukun, ka ce ya duba abin da ya biyo bayan jimlar a kowanne.

Allah Ya jiƙan Mama, Ya tabbatar da ita wajen tambaya, Ya sa tana cikin waɗanda aka nisantar da wuta aka shigar aljanna.